Kwamfutar ofis ta ɓata ko an sace ta: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake kai rahoto

Na daɗe ina aiki a sashen kula da kwamfutoci, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda ma'aikata suka fi yi mini idan laftof ɗin ofis ta fita daga hannunsu. Yawancinsu kuɗin kwamfutar ne ke damunsu. Mu kuwa da ke sashen, abin da ke cikinta ne ke hana mu barci, da kuma yawan awannin da suka wuce kafin a gaya mana.

Yanzu na gano laftof ɗin ba ta nan. Wa zan fara gaya wa?

Sashen kwamfuta na ma'aikatarku, ta kiran waya, a daidai lokacin da ka gano. Bayan su sai shugabanka na kai tsaye, sannan jami'in kare bayanai idan kuna da shi. 'Yan sanda suna zuwa daga baya, domin ba su da ikon rufe akwatin imel ɗinka ko katse hanyar shiga sabar ofis, kuma waɗannan ne abubuwan da ba sa jira.

Na ce kira saboda saƙon rubutu yana iya kwana ba a buɗe ba. Ka kira, ka ji muryar mutum, sannan ka bi da rubutaccen saƙo don a sami shaidar lokacin da ka sanar. Idan ba ka da lambar sashen a wayarka, yau ce ranar ajiye ta, domin mutane da yawa sai bayan sata suke tuna cewa lambar tana cikin kwamfutar da aka ɗauke.

Ban tabbata sata ce ba. Wataƙila na bar ta a Adaidaita Sahu ko a gidan aboki. Ba zan fara nema ba tukuna?

Ka nema, amma bayan ka yi kiran. A wajenmu babu bambanci tsakanin ɓata da sata a awa ta farko: kwamfutar tana wani wuri da ba ka sani ba, a hannun wanda ba ka sani ba. Abin da za mu fara yi, wato canza kalmar sirri da fitar da kwamfutar daga asusun ofis, abu ne da ake warwarewa cikin mintuna idan ta dawo. Ban taɓa jin haushin wanda ya kira ni da dare, ya sake kira da safe yana cewa ga ta an gani a ƙarƙashin kujerar mota ba. Wanda ke ba ni wahala shi ne mai zuwa ranar Litinin yana cewa tun Juma'a yake nema.

Na san abin da ke kawo jinkirin. Kunya ce, da tsoron a ce za a cire kuɗin a albashi, da fatan mai Adaidaita mutumin kirki ne zai dawo da ita. Wani lokaci yana dawowa da ita ma. Sai dai fatan ba ya rufe imel.

Me ya sa ake ta maganar awa 72?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023, a sashe na 40, ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane wajibcin sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya cikin awa 72 daga lokacin da ta san an keta tsaron bayanan, matuƙar ketawar tana iya cutar da haƙƙin masu bayanan. Idan haɗarin babba ne, dole kuma a sanar da mutanen da kansu ba tare da ɓata lokaci ba. Dokar Tarayyar Turai ma awa 72 ta gindaya, don haka masu aiki da ƙungiyoyin da ke samun tallafi daga can sukan tarar da wannan sharaɗin a yarjejeniyarsu, wani lokaci ma da wa'adi mafi gajarta.

Ka lura cewa ba kai ne za ka rubuta wa hukumar ba, kuma ba kai ne za ka yanke ko al'amarin ya kai a sanar da ita ba. Aikin ma'aikata ne. Amma ba za ta iya yanke komai ba sai ta san abin da ke cikin kwamfutar, kuma kai kaɗai ka san wannan. Awannin kuma ba sa tsayawa don hutun ƙarshen mako: abin da aka sani ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, wa'adinsa ƙarfe huɗu na yammacin Litinin ne. A cikin wannan tsakanin za a binciki bayanan, a tuntuɓi lauya, a rubuta sanarwa. Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Na riga na ce an sace ta. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma akwai sanannen misali a kan haka. A watan Agusta na 2006 aka sace laftof a gidan wani ma'aikacin Nationwide, wata babbar cibiyar ajiya da bashin gidaje a Birtaniya. Ya sanar da satar, amma ma'aikatar ba ta san akwai bayanan abokan hulɗarta a ciki ba, don haka ba a fara bincike ba sai bayan mako uku. A watan Fabrairu na 2007 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta ci su tarar fam 980,000. Rahoton da ya ce "an sace kwamfuta" kawai, ana ajiye shi ne a matsayin asarar kaya, a tura wa masu kula da sito su cike takarda. Wanda ya ce "an sace kwamfuta mai ɗauke da sunaye da lambobin asusun mutane" yana tashin mutane daga barci, kuma haka ya kamata.

A wannan shekarar ta 2006 an yi makamancin haka a Amurka. Ranar 3 ga Mayu aka fasa gidan wani ma'aikacin ma'aikatar tsofaffin sojoji a jihar Maryland, aka ɗauke laftof da ma'ajiyar bayanai mai ɗauke da bayanan mutum kusan miliyan 26.5. A nan ma'aikacin ya faɗa da wuri, amma labarin ya maƙale a hannun shugabannin tsakiya, bai kai ga ministan ba sai bayan kusan mako biyu, jama'a kuma ba su ji ba sai 22 ga wata. Daga baya an gano kwamfutar, amma duk da haka gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 20 a 2009 don a kashe ƙarar da aka shigar. Saboda irin wannan ne nake cewa ka gaya wa sashen kwamfuta da bakinka, kada ka dogara da cewa oga zai isar.

To yaya zan san abin da ke cikinta, alhali ba ta hannuna?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure ba da niyya ba. Amsar farko da nake ji kusan kullum ita ce "ba komai a ciki, duk aikina yana kan sabar ofis". Idan muka zauna muka bi a hankali, sai mu tarar akwai abubuwa da yawa.

Ka fara da wurin da ake sauke fayiloli, wato Downloads. Duk takardar da aka turo maka ta imel ka buɗe, duk jadawalin da ka ciro daga manhajar ofis don ka yi lissafi, mai yiwuwa kwafinsa yana nan, har da na bara da na bariya, domin ba kasafai ake share wurin ba. Sannan Desktop, inda ake ajiye abu "na ɗan lokaci" ya shekara. Sannan imel ɗin kansa: idan Outlook kake amfani da shi, yana ajiye kwafin saƙonninka a cikin kwamfutar don ka iya karantawa ko babu intanet, tare da abubuwan da aka liƙa musu. Haka ma OneDrive ko Google Drive idan an saita su suna daidaita fayiloli da kwamfutar. Kwandon shara ma wuri ne, domin fayil ɗin da aka jefa ciki bai tafi ba.

Bayan fayiloli sai makullai. Burauzar da ke tuna maka kalmar sirri, shafukan da ka bari a buɗe ba ka fita ba, WhatsApp da ka haɗa da kwamfutar, hanyar shiga sabar ofis daga gida, shafin bankin kamfani. Sau da yawa waɗannan sun fi fayilolin haɗari, domin suna kai mutum ga abin da ba ya cikin kwamfutar ma.

Abu na uku shi ne jakar. Filash, katin shaidar aiki, na'urar lambar sirri ta banki, littafin rubutu da ka rubuta kalmomin sirri a bangon baya, takardun rajista da aka cike da hannu. Filash ba ya da wani kariya sai an sa masa da gangan, takarda kuwa kowa na iya karantawa.

Dabarar da ke taimakawa ita ce ka buɗe imel ɗinka a waya ko a wata kwamfuta, ka bi saƙonnin da ka aika da waɗanda ka karɓa na 'yan watannin baya. Kowane fayil da ka gani a nan, ka ɗauka kwafinsa yana cikin laftof ɗin. Kan kowanne ka faɗi abu uku: bayanan su waye, wane iri ne, kuma kusan mutum nawa. Irin bayanin yana da nauyi. Suna da lambar waya abu ɗaya ne. Idan aka haɗa su da lambar BVN ko NIN da ranar haihuwa da lambar asusu, an ba ɗan damfara duk abin da yake buƙata ya kira mutum ya ce daga banki yake. Bayanan lafiya, da na yara, da na addini ko ƙabila, sun fi nauyi kuma.

Idan ba ka tabbata ba, ka rubuta haka: "ina zaton akwai, ban tabbata ba". Wannan ya fi amfani a gare mu da "babu" da za ta koma "akwai" bayan kwana goma.

Ai tana da kalmar sirri. Ɓarawo ba zai iya buɗewa ba, ko?

Kalmar sirrin shiga Windows ƙofar gaba kawai take rufewa. Wanda ya kwance kwamfutar ya ciro faifan ajiya ya jona shi da wata, ko ya tayar da ita daga filash, zai ga fayilolinka ba tare da ya san kalmar ba. Duk mai gyaran kwamfuta a kasuwa ya iya wannan, aikinsu ne na yau da kullum idan kwastoma ya manta kalmarsa.

Abin da ke hana haka shi ne kulle faifan gaba ɗaya, yadda abin da ke rubuce a kansa ba ya karantuwa sai da makulli. A Windows sunansa BitLocker, a kwamfutocin Apple kuma FileVault. Idan yana kunne, kuma kwamfutar tana kashe lokacin da aka ɗauke ta, to galibi asarar ta tsaya a kan ƙarfe da roba. Idan babu shi, dole a ɗauka duk abin da ke ciki ya fita. Wannan bambancin ne yakan yanke ko za a sanar da hukuma da dubban mutane, ko kuwa za a rubuta a littafin ofis a wuce.

Shi ya sa za mu tambaye ka halin da ka bar ta. A kashe take ɗungurum? Murfin kawai ka rufe ta yi barci? Ko a buɗe take kana aiki aka fizge? Kwamfutar da ke barci makullinta yana nan a ƙwaƙwalwarta, kariyarta ba ta kai ta wadda aka kashe ba, amma muddin tana neman kalmar sirri idan an farkar da ita, ɓarawon titi ba zai wuce nan da sauƙi ba. Wadda aka fizge a buɗe kuwa, kullen faifai ba ya amfanar da komai. Ka faɗi gaskiyar yadda take, har da idan kalmar sirrin tana rubuce a takarda a cikin jakar.

Mai karatun da kwamfutarsa ke gabansa yanzu yana iya duba ko faifansa a kulle yake. A Windows, ka buɗe Command Prompt da izinin mai kula da na'ura, ka rubuta:

```
manage-bde -status
```

Ka nemi layin da ke cewa Protection On. A ta Apple, ka buɗe Terminal ka rubuta:

```
fdesetup status
```

Me zan yi da kaina kafin sashen kwamfuta su amsa?

Daga wata na'ura da ka yarda da ita, ka canza kalmar sirrin imel ɗin ofis, domin ta imel ake sake saita sauran. Canza kalmar kaɗai ba lallai ya kori wanda ya riga ya shiga ba, don haka ka nemi wurin da ake fitar da duk na'urori daga asusun ka danna, ko ka ce sashen su yi. A WhatsApp na wayarka ka shiga Linked devices ka cire kwamfutar. Idan akwai abin da ya shafi bankin kamfani, a kira bankin. Sannan asusunka na kanka da ka taɓa buɗewa a kanta.

Kowane mataki ka rubuta lokacinsa, da awa da minti. Ga amfaninsa: za mu duba tarihin shiga asusunka, kuma idan muka ga an shiga ƙarfe 5:10 alhali ka ce ƙarfe 4:30 aka ɗauke ta, ka canza kalma ƙarfe 5:40, mun san ba kai ba ne, mun kuma san tsawon lokacin da ƙofar ta kasance a buɗe.

Abu ɗaya da nake roƙo kada ka yi: idan manhajar gano wuri ta nuna maka unguwar da kwamfutar take, kada ka tara abokai ku tafi. Ka ba 'yan sanda.

Ba za ku iya goge ta daga nesa ba?

Idan an yi mata rajista a manhajar kula da na'urori irin su Intune, muna iya aika umarnin gogewa. Amma umarnin yana jira ne sai kwamfutar ta hau intanet. Laftof ba kamar waya ba ce da ke da layi a jikinta, kuma wanda ya ciro faifan ba zai taɓa haɗa ta da intanet ba. Don haka "an aika umarni" daban, "an tabbatar ta goge" daban, kuma rahoto mai kyau yana bambance su.

Yaya rubutaccen rahoton zai kasance?

Mu ɗauki misali na ƙirƙira. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ta tsaya sayayya ranar Juma'a, aka fasa gilashin motarta aka ɗauke jaka. Ta kira sashen kwamfuta, sannan ta rubuta:

"Yau Juma'a, tsakanin ƙarfe 4:15 da 4:40 na yamma, an fasa motata a bakin kasuwa an ɗauke jaka mai ɗauke da laftof ɗin ofis. Lambar jikinta da lambar kayan ofis suna cikin takardar da na sa hannu lokacin karɓa. Ban kashe ta ba, murfin na rufe da misalin ƙarfe 3:30, kuma tana neman kalmar sirri idan an buɗe. Ban san ko faifan a kulle yake ba, a duba. A cikinta akwai jadawalin masu karɓar tallafi na ƙananan hukumomi biyu, kimanin mutum 1,800, da sunaye da lambobin waya da lambobin asusu, wasu da NIN. Akwai imel ɗina na ofis, da rahotannin kuɗi na wata uku. Ina zaton akwai jadawalin bara a Downloads, ban tabbata ba. A jakar akwai filash mara kalmar sirri mai kwafin jadawalin ƙaramar hukuma ɗaya, kimanin mutum 700, da katin shaidata. Na kira sashen kwamfuta 4:50, na canza kalmar imel 5:05, na cire WhatsApp 5:10, na gaya wa shugabana 5:15. Ina kan hanyar ofishin 'yan sanda. Ban canza kalmar manhajar rajista ba domin ba ta buɗuwa a waya."

Ga abin da muka samu daga wannan. Mun duba rajistarmu muka ga BitLocker yana kunne, hankali ya ɗan kwanta game da kwamfutar. Jimlar ƙarshe ta nuna mana asusun da za mu rufe nan take. Babbar matsalar kuwa ta koma kan filash: mutum 700 da bayanansu ke buɗe ga duk wanda ya jona shi. A kan su ne jami'in kare bayanai zai yi shawarar sanar da hukuma kafin yammacin Litinin, da kuma aika musu gargaɗi cewa kada su ba kowa lambar sirrin da aka turo musu ta waya da sunan ƙungiyar. Da ta rubuta "an sace laftof, tana da kalmar sirri", da mun ga kullen faifai mun rufe maganar, filash ɗin yana yawo.

Me zan kai wa 'yan sanda?

Ka je ofishin da ke kula da yankin da abin ya faru, da samfurin kwamfutar da lambar jikinta, wadda sashen kwamfuta za su ba ka idan ba ka da ita. Ka nemi takardar shaidar cewa an shigar da rahoton a littafinsu, domin kamfanin inshora da masu binciken kuɗi za su tambaya. Ba sai ka zayyana musu sunayen da ke cikin jadawali ba, ya isa ka ce akwai bayanan aiki na sirri.

Za a hukunta ni?

Ya danganta da ƙa'idar ma'aikatarku, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Abin da na gani dai shi ne, sata tana iya faɗa wa kowa, kuma shugabanni sun san haka. Abin da ya fi jawo takardar tuhuma shi ne ɓoyewa, ko gyara labari. Wanda ya ce a kashe take alhali a buɗe ya bar ta a ɗakin taro, tarihin shiga asusu zai tona shi. Idan ka kwafi bayanan da bai kamata ka kwafa a filash ba, ka faɗa da bakinka a ranar farko. Ga shugabanni kuma: ofishin da ya wulaƙanta mai kawo rahoto a gaban jama'a, ma'aikaci na gaba sai ya yi kwana uku yana nema a ɓoye kafin ya buɗe baki.

Bayan na aika rahoto na tuna wani fayil. Ko kuma kwamfutar ta dawo.

Idan ka tuna wani abu, ka aika ƙari nan take, ka rubuta ranar da lokacin, kada ka goge na farko. Ba a sa ran rahoton awa ta farko ya cika.

Idan ta dawo, ko mai Adaidaita ne ya kawo ko 'yan sanda, kada ka kunna ta ka ci gaba da aiki, kada kuma ka haɗa ta da intanet ɗin ofis. Idan an riga an aika umarnin gogewa, tana hawa intanet za ta fara share kanta, tare da duk shaidar da za ta nuna ko an taɓa ta. Ka kai ta sashen kwamfuta a kashe, ka faɗi wanda ya kawo ta da lokacin da ya kawo. Za su duba ko an kwance ta ko an shiga, yawanci kuma su sake ɗora mata komai sabo kafin su mayar maka. Kalmomin sirrin da ka canza kuwa, kada ka mayar da tsofaffin.